An hana ni bizar aiki a Garwa saboda kuskuren kamfani: yaya zan rubuta a sake dubawa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniyan lantarki ne daga Yola. Wani kamfanin casar shinkafa a Garwa ya ɗauke ni in shugabanci sashen kula da injuna, a kan albashin sefa 480,000 a wata. Ranar 12 ga Maris amsa ta zo daga Yawunde cewa ba za a sa wa kwantiragina biza ba, wai aikin na ƙananan ma'aikata ne, kuma babu shaidar cewa an rasa ɗan ƙasa da zai yi shi. Da na duba kwafin da aka aika sai na ga sakatare ya rubuta 'mai gyaran lantarki, kategori 6', ashe kwantiragin wani ya kwafa. Maigidan ya ce in rubuta in roƙe su da kaina. Me zan rubuta?"

Wa'alaikumus salam, Injiniya. Allah ya kawo mafita. Na daɗe ina riƙe da dosiyen ma'aikata a kamfanoni nan Garwa, kuma irin wannan takarda ta sha bi ta hannuna. Abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka bi shawarar maigidanka yadda ya ba ka ita. Takardar da za a rubuta ba ta roƙo ba ce, kuma bai kamata ta fita da sunanka kai kaɗai ba.

Dalili yana cikin dokar aiki ta Kamaru, ta ranar 14 ga Agusta 1992, sashe na 27. Sashen ya ce kwantiragin ma'aikaci baƙo sai minista ya sa masa biza, wato hatimin amincewa a kan kwantiragin, kafin a fara aiki da shi, neman bizar nauyi ne a wuyan mai ɗaukar aiki, kuma idan an hana bizar kwantiragin ya rushe da kansa. To ka ga kamfani ne ya nema, kamfani aka hana, kuma a takardar kamfani kuskuren yake. Idan kai kaɗai ka rubuta cewa kai kadir ne, wato babban ma'aikaci na kategori 10, ba ma'aikacin kategori 6 ba, jami'in da zai karanta yana da takardu biyu a gabansa: ɗaya mai hatimin kamfani da sa hannun darakta tana cewa 6, ɗaya kuma daga baƙon da ke son zama a ƙasar tana cewa 10. Ko ni ne a kujerarsa, mai hatimi zan gaskata. Wanda ya ɗaura shi ne zai kwance. Ka koma wurin maigidan cikin ladabi ka nuna masa wannan sashe, ka ce kai za ka yi wahalar haɗa komai, shi dai ya sa hannu a takarda mai kan kamfani. Kai kuma ka sa hannu a ƙasa a matsayin wanda abin ya shafa.

Me ya sa lamba ɗaya ta rushe komai

A tsarin matakan aiki na Kamaru akwai kategori 12. Daga 1 zuwa 6 leburori ne da ma'aikatan hannu da na ofis, 7 zuwa 9 masu lura da ma'aikata, 10 zuwa 12 kuma su ne manyan ma'aikata, waɗanda muke kira kadir. Akwai wata doka ta firayim minista, ta ranar 15 ga Yuli 1993, da ta ce ba a ba baƙo aikin lebura ko na ma'aikacin hannu ko na ofis ko na mai lura da ma'aikata sai an kawo shaida daga ofishin kula da samar da aiki cewa babu ɗan Kamaru a wannan fanni. Da jami'i ya ga 6 a kwantiraginka, abu na gaba da ya nema shi ne wannan shaida. Bai same ta ba, don kamfaninku bai nema ba, tunda a zuciyarsu injiniya suka ɗauka. Mai gyaran lantarki kuwa ba a rasa shi a Garwa ba, makarantun koyon sana'a suna yaye su duk shekara. Saboda haka jami'in bai zalunce ka ba, ya yi hukunci daidai a kan bayanin da ba daidai ba. Ka riƙe wannan a ranka lokacin rubutu, domin shi ne zai gyara maka harshe. Ba za ku ce ma'aikata ta yi kuskure ba. Za ku ce mu muka ba ku bayanin da ba shi ne ba, ga na gaskiya, ga shaidarsa, muna neman ku sake hukunci a kansa.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa a lamarinka shi ne dalilin da aka rubuta a takardar hanawa ya zauna daram a kan kuskuren. Ba kullum haka take ba. Na ga wanda ya gano an rubuta ranar haihuwarsa ba daidai ba, ya yi ta murna cewa ya gano matsalar, alhali dalilin hanawa wani abu ne dabam, kamfanin ne ya tara baƙi da yawa. Ya gyara ranar haihuwa, aka sake hana shi. Don haka ka ɗauki takardar hanawar ka karanta ta layi-layi tare da wanda ya iya Faransanci sosai. Idan akwai dalili na biyu a ɓoye a cikin jimla, ko da kalma uku ce, dole takardarku ta amsa shi ma.

Abin da jami'in zai yi zargi

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne yawancin irin waɗannan takardu suke faɗuwa.

Sa kanka a matsayin mutumin da ke zaune a wancan ofis na Yawunde. Ya hana biza saboda matakin aikin ƙarami ne. Bayan mako uku sai ga kamfanin ya dawo yana cewa kuskuren bugu ne, ashe babban ma'aikaci ne. Ya ga irin haka ba sau ɗaya ba, kuma sau da yawa ba kuskure ba ne, dabara ce: an hana makanike, sai a sa masa rigar injiniya a sake turo shi. Tambayar da ke ransa guda ɗaya ce, shin tun farko aikin na kadir ne, ko bayan an hana aka ɗaga shi? Duk takardarku amsar wannan tambaya ce. Rantsuwa ba ta amsa ta, yawan ladabi ma ba ya amsa ta. Abin da ke amsa ta shi ne takardun da aka rubuta kafin ranar hanawa, waɗanda ba wanda zai ce an ƙirƙiro su don wannan rigima.

Ka zauna ka tono su. Takardar tayin aiki da kamfanin ya aiko maka kana Yola, idan ta ambaci muƙamin shugaban sashe, ita ce shaida mafi ƙarfi. Idan ta imel ta zo, a buga ta da kanta da ke nuna ranar aikawa da adireshin mai aikawa. Sanarwar neman ma'aikaci da kamfanin ya fitar, in akwai. Jadawalin muƙaman kamfani da ke nuna inda kujerarka take da mutanen da ke ƙarƙashinka. Takardar bayanin aiki da aka sa a dosiye na farko: ka duba ta da kyau, don sau da yawa sakatare yana kwafar kwantiragi daga na wani amma bayanin aiki ya rubuta sabo, sai ka tarar dosiyen da ke hannun ma'aikata tuni yana musanta kansa. Idan haka ne, kun samu babbar hujja, domin takardar tana ofishinsu tun kafin su yi hukunci.

Sai albashi. Ka ce 480,000 aka rubuta, kuma shi daidai ne. Duk wanda ya san jadawalin albashi na yarjejeniyoyin sana'a a ƙasar nan ya san wannan kuɗi ya yi wa kategori 6 nisa ƙwarai. Wato layi biyu a shafi ɗaya na kwantiragin suna faɗa da juna, kuma an rubuta su tun kafin a san za a hana. Ku nuna wannan ƙarara, da lambar shafi da lambar sashe. Akwai ƙarin amfani a nan: tun dokar kasafin kuɗi ta 2023 kuɗin bizar kwantiragin baƙo da albashi ake lissafa shi. Tunda albashinku bai canza ba tsakanin tsohon kwantiragi da sabo, ba wanda zai ce kun rage wani abu don ku kauce wa biyan gwamnati. Ku faɗi haka a jimla ɗaya: albashi, tsawon kwantiragi da wurin aiki duk suna nan yadda suke.

Akwai shaida ɗaya da mutane ba sa tunawa da ita, kuma ni na fi son ta. Kwantiragin mutumin da aka kwafa. Idan akwai wani mai gyaran lantarki a kamfanin, kategori 6, kuma sashen da ke kwantiraginka ya zo kalma da kalma irin nasa, kwafin wannan shafi yana nuna ta inda kuskuren ya shigo. A rufe sunansa da albashinsa kafin a yi hoto, sirrinsa ne, ko a nemi yardarsa. Jami'i idan ya ga hanyar da kuskure ya bi, ya fi saurin yarda da cewa kuskure ne.

Sannan takardun karatunka: digirinka, da rajistarka da hukumar injiniyoyi ta Najeriya, COREN, idan kana da ita, da takardun wuraren da ka yi aiki. Turanci harshen hukuma ne a Kamaru kamar Faransanci, saboda haka takardun Najeriya ba sa bukatar fassara. A kai na asali a buga wa kwafinsu hatimin tabbatarwa a ofishin hukuma. Amma ka lura, takardun karatu suna nuna ko kai wane ne, ba sa nuna wane aiki aka ɗauke ka. Injiniya yana iya karɓar aikin makanike idan ya rasa. Shi ya sa na sa su a baya, na sa takardar tayin aiki a gaba.

Bari in ba ka labarin wanda bai yi nasara ba, don ka ga bambancin. Wani kamfanin sufuri ya kira ni in taimaka musu a kan sabunta kwantiragin wani baƙo, domin sabuntawa ma sai da biza. An hana, sai daraktan ya ce mu rubuta cewa kuskure ne, mutumin shugaban gareji ne. Na ce a kawo mini takardun albashinsa na shekara biyu da abin da aka bayyana wa CNPS, asusun inshora da fanshon ma'aikata na ƙasa. Aka ɗauko fayil mai ƙura daga saman kabad, na buɗe, wata ashirin da huɗu cur kowace takarda tana cewa kategori 5. Na rufe na ce masa, Alhaji, wannan ba kuskure ba ne, ƙarin girma kake so ka yi masa, kuma hanyarsa dabam ce. Bai ji daɗi ba, ya samu wani ya rubuta masa. Ba a ba su ba, kuma daga nan duk dosiyen da kamfanin ya aika sai an tsefe shi kamar ana neman ƙwarƙwata. Ina ba ka wannan labari ne don ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan aikin da za ka yi kullum shi ne ɗaukar sukurdireba ka bi injuna kai kaɗai, ba kowa a ƙarƙashinka, to hanyar gaskiya ita ce kamfani ya nemi waccan shaidar rashin ɗan ƙasa. Idan kuwa yadda ka faɗa ne, mu ci gaba.

Gyaran kwantiragin kansa

Kada a shafa farin ruwa a kan 6 a rubuta 10 da biro. Kada a cire shafi ɗaya a sa wani a tsakiyar tsohon. A sake buga kwantiragin gaba ɗaya, ku biyu ku sa hannu a kowane shafi, a sa ranar da aka sa hannun da gaske. Za a samu wanda zai ce a mayar da kwanan wata baya don ya yi kama da na farko. Ka ƙi. Ma'aikata tana da na farkon a hannunta, kuma kwantiragi biyu masu rana ɗaya da magana biyu shi ne ainihin abin da ake kira jabu. A haɗa tsohon da sabon duka a dosiye, a ja layi a ƙarƙashin wurin da ya canza.

Kafin a rufe ambulan, ka bi sauran takardun kamfanin ɗaya bayan ɗaya: wasiƙar neman bizar, jerin sunayen ma'aikata, jadawalin muƙamai. Kuskuren kwafa ba ya zuwa shi kaɗai. Ni kaina na taɓa barin ranar fara aiki ta wani a kwantiragin wani baƙo, sai ta nuna kamar ya fara aiki wata takwas kafin a nemi biza. Na gyara a kwantiragi, na manta tana nan a jerin ma'aikata, aka dawo mana da dosiyen karo na biyu, bawan Allah ya ƙara wata biyu a zaune saboda ni. Tun daga ranar nake sa mutum na biyu ya karanta mini da ƙarfi ina bi da yatsa: suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ranar haihuwa, muƙami, kategori, albashi, ranar farawa. Takardar likita ma a duba, ana son wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma taka ta dosiyen farko mai yiwuwa ta tsufa.

Yadda takardar za ta kasance

Shafi ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Ana rubuta ta ga wanda ya yi hukuncin, wato ministan samar da aiki da koyar da sana'o'i, MINEFOP, da Faransanci ko Turanci. A layin da ke nuna batun takarda a buga kalmomin nan kamar yadda suke, "Recours gracieux préalable", sannan lambar takardar hanawa da ranarta. Kalmomin suna da aiki: su ne ke nuna cewa wannan ƙorafi ne na doka wanda ake fara yi kafin zuwa kotu, ba wasiƙar gaisuwa ba. Ga gangar jikinta a Hausa, da ranaku na misali, sai ku sa naku ku juya ta:

"Ranka ya daɗe, ranar 3 ga Fabrairu kamfaninmu ya nemi biza a kan kwantiragin Malam wane, ɗan Najeriya, mai fasfo lamba kaza. Da takarda lamba kaza, wadda ta iso mana ranar 12 ga Maris, an hana bizar bisa dalilin cewa aikin na matakin da ke bukatar shaidar rashin ɗan ƙasa ne.

"Muna sanar da ku cewa wannan hukunci ya dogara ne a kan kuskuren da ofishinmu ya yi. A sashe na 2 na kwantiragin an rubuta 'mai gyaran lantarki, kategori 6'. Abin da yake daidai shi ne 'injiniya, shugaban sashen kula da injuna, kategori 10'. Kuskuren ya faru ne wajen kwafar sashen daga kwantiragin wani ma'aikacinmu. Laifin namu ne, ma'aikacin ba shi da hannu a ciki.

"Takardun da aka rubuta kafin hukuncinku suna tabbatar da haka: takardar tayin aiki ta 8 ga Disamba, wadda ta ambaci muƙamin, bayanin aiki da ke cikin dosiyen farko a ofishinku, da albashin sefa 480,000 da ke sashe na 5 na kwantiragin, wanda bai dace da kategori 6 ba. Albashi da tsawon kwantiragi da wurin aiki ba su canza ba.

"Don haka muna neman ku janye hukuncin, ku sa biza a kan kwantiragin da aka gyara, wanda muka haɗa da wannan takarda."

Sai sa hannun darakta da hatimi, sa hannunka, da jerin takardun da aka haɗa, kowace da lambarta, kuma a rubuta lambar a saman takardar kanta.

Ka ga babu maganar iyali a ciki, babu kuɗin haya, babu zumuncin Najeriya da Kamaru. Na san suna ranka, kuma gaskiya ne, amma jami'in ba shi da ikon ba da biza don tausayi, yana da ikon gyara hukuncin da aka gina a kan bayani mara kyau. Kada kuma a ambaci sunan sakataren. Kamfani ne ya sa hatimi, kamfani ne zai ɗauki laifi, kuma yaron yana da nasa abincin da zai kare.

Abu ɗaya nake ƙarawa ko ba a tambaya ba. Zama kadir ya fitar da kai daga sharaɗin waccan shaida, amma bai tilasta wa minista ya sa hannu ba. Ma'aikatar tana son ta ga ɗan ƙasa da zai koya a hannun baƙo har ya gaje shi. Idan akwai matashin injiniya ko ƙwararren ma'aikaci ɗan Kamaru da zai zama mataimakinka, a sa jimla ɗaya da ke faɗin haka, a haɗa kwantiraginsa. Idan babu, maigidan ya yi tunanin ɗaukarsa da gaske, ba a takarda kawai ba.

Lokaci, da shiru iri biyu

Dokar kotunan harkokin mulki ta 29 ga Disamba 2006 ta ba da wata uku daga ranar da aka sanar da hukunci don a shigar da irin wannan ƙorafi. A lissafinka, 12 ga Yuni ke nan. Ni ba na ƙirgawa daga ranar da takarda ta iso, daga ranar da aka rubuta a kanta nake ƙirgawa, don kada gardamar ranar isowa ta taso. Kuma ba na kusantar bakin wa'adin ko kaɗan. Mako biyu zuwa uku sun isa a haɗa komai.

Ga wurin da mutane ke ruɗewa. A neman biza na farko, sashe na 27 ya ce idan wata biyu suka wuce da karɓar dosiye minista bai ce komai ba, ana ɗauka an ba da bizar. A ƙorafi kuwa abin a juye yake: idan wata uku suka wuce babu amsa, ana ɗauka an ƙi, kuma daga nan kwana 60 kawai ake da su a kai ƙara kotun harkokin mulki. Na ga daraktan da ya haɗa biyun, ya ji shiru ya ce an amince, ya sa mutum aiki. Misali, idan kun shigar ranar 2 ga Afrilu, shiru har 2 ga Yuli ƙi ne, kuma ƙofar kotu tana rufewa a ƙarshen Agusta. Ka rubuta waɗannan ranaku a bangon ɗakinka.

Duk wannan lissafi ba shi da tushe idan ba ku da shaidar ranar da aka karɓa. A yi kwafi biyu na komai, a kai ofishin karɓar wasiƙu na ma'aikatar a Yawunde, a buga wa kwafinku hatimin karɓa mai kwanan wata da lamba, wanda muke kira deshaj. Ya cancanci wahalar mota zuwa Ngaundare da kwanan jirgin ƙasa. Kada a ba direban mota ko wani ɗan'uwa da "ya san mutane" ya miƙa ta bayan fage, domin takardar da ba ta shiga rajista ba kamar ba a rubuta ta ba ce. A kai kwafi kuma ofishin wakilin ma'aikatar na jiha nan Garwa don su san da maganar. Bayan mako uku wani daga kamfanin ya bi sawu da lambar deshaj a hannu.

Wasu za su ce me ya sa ba za a bar ƙorafi a sake sabon nema kawai ba. Ana yi, kuma wani lokaci jami'an da kansu za su ce a shigar da shi a matsayin sabon dosiye. Idan sun ce haka, ku bi, amma wasiƙar bayanin kuskuren ta hau kansa, kuma ƙorafin ya riga ya shiga rajista. Sabon dosiye da ya zo shiru da kategori 10, alhali na kategori 6 yana cikin kabad ɗinsu da sunanka da lambar fasfonka, shi ne ke tayar da zargin da muka yi magana a kai.

Idan ta kai ga kotu, wannan ba aikina ba ne, aikin lauya ne wanda ya saba da shari'ar mulki, kuma a nemo shi tun kafin wata ukun su cika. Haka kuma idan maigidan ya ƙi sa hannu sam, ka shigar da ƙorafin da sunanka don kada wa'adi ya wuce ka, ka haɗa takardar tayin aikin, sannan ka je wurin sufeton aiki ka gaya masa abin da ke tsakaninku. Amma ka san cewa ba tare da sa hannun kamfani ba hujjarka ta yi rauni sosai.

Kafin amsa ta fito

Kada ka shiga masana'anta ka kama aiki, ko da maigidan ya ce ba wanda zai sani. Ƙorafi ba ya dakatar da hukuncin hanawa, kuma a idon doka yanzu ba ka da kwantiragi. Idan masu bincike suka same ka da rigar aiki, ko wuta ta ja ka a bakin inji, ba ka da abin kare kai, kuma ƙorafin da ke cewa kamfanin mai bin doka ne ya mutu a ranar. Ka yi magana da maigidan a kan abin da za ka ci da inda za ka kwana a wannan tsakani, tunda kuskuren daga ofishinsa ya fito, kuma ku rubuta abin da kuka daidaita.

Ka duba fasfonka ma yau ɗin nan. Izinin zama a hannun 'yan sanda yake, ba a hannun ma'aikatar aiki ba, kuma katin zama na ma'aikaci yana jiran kwantiragi mai biza. Shigar da ƙorafi ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wa'adin da aka ba ka a iyaka. Idan kwanakin sun kusa ƙarewa, Yola ba nisa, ka sa hannu a kan komai, ka bar wa kamfanin lambar wayarka, ka koma gida ka jira amsa a can.